Dankali da karas a obin: me ya sa suke dahuwa maimakon su gasu?

Amaryar Bana: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman gyara. Dankalin Turawa kilo ɗaya, dankalin Hausa rabin kilo, karas rabin kilo da albasa manya biyu, an yanka, an wanke, an zuba man gyaɗa da gishiri da magi da tafarnuwa, an juye a cikin tasar gilas mai zurfi, an rufe da foyil, an sa a obin a kan 180 har awa guda. Sun nuna luguf, amma fari fat, ga ruwa kwance a ƙasan tasar. Ni kuma irin wanda gefensa ke yin ja yana ɗan ƙamas-ƙamas nake so. Ina kuskuren yake?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam amarya. Wuta ce ta yi miki kaɗan. 180 ta kek ce. Ki murɗa ta zuwa ƙarshe, 250 in obin ɗinki yana kaiwa, za ki ga sun yi ja.

Anti Mai Girkin Biki: Maman 'yan biyu, wutar ta yi kaɗan, gaskiya ne, amma ko ta kai ta 250 a wannan tasar a rufe, dafaffe za ta fitar. Ƙanwata, abin da kika yi turarawa ce, irin ta dambu, ba gashi ba. Ki duba lissafin. Karas kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, albasa ma haka, dankalin Turawa kusan kashi 80. Wato a kayan nan naki da suka haura kilo biyu akwai ruwa fiye da lita ɗaya da rabi. Da zafi ya taɓa su ruwan zai fara fita. In ya sami hanya ya tashi ya tafi, bayan dankalin ya bushe, sai ya fara ja. In bai samu ba sai ya zauna a tsakaninsu yana turara su. Ke kuwa kin tare masa hanya sau uku: kin tula su a kan juna, tasar tana da zurfi, sannan kin rufe.

Abin da ya kamata ki riƙe shi ne, matuƙar akwai danshi a jikin abu, zafin jikinsa ba ya wuce na tafasar ruwa, digiri 100, ko da iskar obin ɗin ta kai 250. Ja kuwa ba ya farawa sosai sai bayan abin ya kai wajen 140 zuwa sama. Don haka duk dabarar gashin nan a kan abu ɗaya take tafiya, yadda za a busar da bayan kowane yanki da wuri tun kafin cikinsa ya gama nuna.

Amaryar Bana: Na gode Anti. Foyil ɗin na sa ne don kada su bushe.

Anti Mai Girkin Biki: Bushewar nan ita ake nema, amma ta waje kawai. Cikin ba zai bushe ba in yankan yana da kauri kuma wutar tana da ƙarfi, domin zai nuna kafin ruwan cikin ya ƙare. Abin da ke busar da dankali har ciki ya zama kamar fata shi ne ƙaramar wuta da daɗewa.

Bari in ba ki yadda za ki sake yi da dankalin Turawa kaɗai tukuna, in hannunki ya faɗa sai ki haɗa da sauran.

Ki nemi tiren ƙarfe mai faɗi, wanda bakinsa bai fi santimita biyu ba. Wanda ke zuwa da kukar gas yawanci wajen santimita 40 ne a 30, ya isa. Ki fere dankali ki yanka shi ƙwaya-ƙwaya, kowane gefe kamar santimita biyu da rabi, wato tsawon gaɓar babban yatsa. Ki yi ƙoƙari su zo kai ɗaya, don ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna. In kin wanke, ki tsane a kwando, sannan ki baza a tsumma mai tsabta ki goge. Kada ki raina wannan gogewar. Ruwan da ya maƙale a jikinsu sai ya ƙone kafin komai ya fara, kuma minti goma na farko a nan suke tafiya.

Ki zuba su a roba, ki sa man gyaɗa cokali biyu na cin abinci, ki cuɗa da hannu har kowane yanki ya yi sheƙi. A roba za ki cuɗa, ba a kan tire ba, don a tire wasu za su sha mai wasu su tashi a bushe. Gishiri rabin ƙaramin cokali zuwa ɗaya, a lokacin da za su shiga wuta.

Sai jerawa. Tsakanin kowane yanki da ɗan'uwansa ki bar faɗin yatsa guda. Da wannan tazarar tiren zai ɗauki layi shida, kowane layi guda takwas, 48 ke nan, nauyinsu ya kama wajen giram 800. Kin ga kayan da kika zuba a tasa ɗaya na tire uku ne. Kowane yanki ki kwantar da shi a kan gefensa mai faɗi, don wurin da ya taɓa ƙarfen shi ne zai fi yin ja, kamar yadda ƙanzo ke kamawa a gindin tukunya.

Obin a kan 220, ya yi minti 15 zuwa 20 yana zafi kafin ki sa komai. Ki sa su ki rufe, kada ki taɓa har minti 20. Sannan ki ɗaga guda ɗaya da siririn cokalin juyi. In ya saki ƙarfen da kansa kuma ƙasansa ya yi ja, ki juya duka. In ya maƙale, bai yi ba, ki ƙara masa minti biyar, in kika tilasta masa ɓawon zai zauna a tire ki ɗago farin. Bayan juyi minti 15 zuwa 20 ya isa.

Maman 'Yan Biyu: Anti to ai 220 da 250 duk tafiyar ɗaya ce. Me zai hana a kai ƙarshe a huta?

Malam Mai Gidan Biredi: Hajiya, ba ɗaya ba ce. A 250 kusurwoyin yankan za su yi baƙi a cikin kwata na awa alhali tsakiyar tana da gara-gara, musamman karas da dankalin Hausa masu sukari. Man gyaɗa ma yana fara hayaƙi kafin a kai nan. Tsakanin 200 da 230 ne zafin waje da nunar ciki suke tafiya tare. In obin ɗin mai fanka ne a rage 20, wato 200 a madadin 220, don iskar da ke kaɗawa tana kwashe tururin da sauri. Masu kukar gas mai lamba, 6 ita ce wajen 200, 7 wajen 220.

Amma akwai abin da ya fi wannan damuna. Lambar da ke jikin maɓalli ba ita ce zafin da ke ciki ba. Obin da yawa suna saɓawa da digiri 20 ko fiye, na lantarki kuma in wutar ta zo da rauni ba ya kaiwa inda aka sa shi. Ma'aunin zafi na cikin obin shi ne maganin wannan, a rataye shi a tsakiya. Wadda ba ta da shi ga gwaji: farin sukari yana narkewa a wajen digiri 186. A sa obin a kan 200, ya yi zafi sosai, a zuba cokalin sukari a kan ɗan foyil a sa a tsakiya minti 15. In bai narke ba, obin ɗin bai kai abin da yake faɗa ba, sai a riƙa ƙara masa.

Sannan tasar gilas da amarya ta yi amfani da ita. Gilas yana jinkirin ɗaukar zafi, kafin ya yi zafin da zai soya gindin dankali, dankalin ya riga ya saki ruwa. Ƙarfe mai duhu kuma mai ɗan kauri ya fi. Ni ina ba da shawarar a sa tiren a ciki tun lokacin da aka kunna obin, a fito da shi da zafinsa a juye kayan. In an ji cuuu, an kama hanya.

Anti Mai Girkin Biki: Malam, zafafa tire yana da kyau, amma ga sabon hannu jerawa a kan ƙarfe mai zafi akwai ƙuna, kuma in ta tsaya jerawa ɗaya-ɗaya tiren zai huce. Ta juye, ta baza da cokali cikin hanzari, ta mayar. In ba za ta iya ba gara tire mai sanyi da jeri mai kyau.

Malam Mai Gidan Biredi: Na yarda da wannan.

Autar Mama: Ni dai a ganina ki fara soya su sama-sama a mai mai yawa, in sun yi ja ki tsame ki barbaɗa yaji. Minti goma kin gama, babu ruwanki da obin.

Amaryar Bana: Auta wannan ai suya ce. Gashi nake so saboda a rage mai.

Autar Mama: Au, na ɗauka jan kawai ake nema. To a injin nan mai suya da iska fa? Shi ma haka dokar take?

Anti Mai Girkin Biki: Haka take, har ma ta fi tsanani don kwandonsa ƙarami ne. Shimfiɗa ɗaya, 190 zuwa 200, a girgiza bayan minti goma. In aka cika kwandon na sama ne kawai zai yi ja.

Malamar Makaranta: Ina so in ƙara bayani a kan abin da Anti ta ce na 140, don zai taimaka wajen sanin wanne ake yi wa wace wuta. Jan da muke gani iri biyu ne suke haɗuwa. Akwai na sukari zalla, irin wanda ake gani in an narka sukari za a yi kantun gyaɗa, ya tashi daga fari zuwa ruwan zuma, in aka yi sakaci ya koma baƙi mai ɗaci. Wannan sai wajen 160 yake kankama. Akwai kuma wanda ke faruwa in sukari ya haɗu da sinadaran furotin, shi ne jan bayan biredi da na tsire da na gullisuwa, wani masanin kimiyya Bafaranshe mai suna Maillard ya bayyana shi a 1912. Shi yana farawa ƙasa da haka. Dankalin Turawa sukarinsa kaɗan ne, yawancin jansa na biyun ne, shi ya sa yake jure wuta mai ƙarfi da daɗewa. Karas da albasa da dankalin Hausa sukarinsu ya fi yawa, suna saurin ja kuma suna saurin ƙonewa.

Dalilin da ya sa cunkoso ke kashe gashi kuwa, mayar da ruwa tururi yana cin zafi ƙwarai. Zafin da ake buƙata a ƙone ruwa ya tashi ya ninka wanda ake buƙata a kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa fiye da sau biyar. Ƙaramin obin na gida ƙarfinsa ƙayyadadde ne. In aka loda masa kilo biyu, duk ƙarfin a ƙona ruwa zai ƙare.

Maman 'Yan Biyu: Malama to in haka ne me ya sa ake cewa a tafasa dankali kafin a gasa? Ba ƙara masa ruwa aka yi ba? Ni na san ana jiƙa shi ma a ruwan sanyi don sitacin ya fita.

Anti Mai Girkin Biki: Jiƙawa ta masu suyar siraran yanka ce, don kada su manne da juna. A gashi sitacin nan ana son sa. Tafasawa kuwa ga yadda take aiki. A sa yankan a tafasasshen ruwa mai gishiri minti 8 zuwa 10, har bakin wuƙa ya shiga waje amma tsakiya da sauran ƙarfi. A tsane, a bar shi a kwando minti biyar yana fitar da tururi. Da yake da zafinsa ya fito, bayansa zai bushe da kansa har ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Sai a girgiza kwandon gefunan su ɗan farfashe. Wannan ɗan dusar da ta taso ita ce ke shan mai ta zama ɓawo mai ƙaras-ƙaras. Kuskuren da ake yi shi ne a kwashe daga ruwa a zuba a tire kai tsaye yana ɗiga, nan kam an ƙara ruwa. Wanda aka tafasa yana son mai ya ɗan fi yawa, cokali uku a giram 800.

Ga dankalin Turawa tafasawa zaɓi ce. Ga doya kusan dole ce, don ruwanta bai kai na dankali ba, in aka sa ta ɗanya bayanta yana ƙeƙashewa ya yi tauri kafin ciki ya yi laushi. Minti 5 zuwa 7 ya ishe ta, kada ta fara narkewa. Karas da dankalin Hausa ba sa buƙata sam, tafasa su wanke zaƙinsu ne a ruwa.

Hajiya Babba: 'Ya'yana, a ƙara da rogo da makani da gwaza. Waɗannan kada wadda ta sa su ɗanye a obin. Rogo a fere shi da kyau, a cire jijiyar tsakiya, a dafa shi a ruwa tukunya a buɗe har ya nuna, a zubar da ruwan, saboda dafin da ke cikinsa. Mai ɗaci kuwa ba na gashi ba ne kwata-kwata. Makani da gwaza in ba su nuna sosai ba suna ƙaiƙayin maƙogwaro. A dafa, a tsane, su sha iska, sannan a shafa mai a gasa don jan kawai.

Sannan ina da tambaya ga Malam. Ba kowa ke da obin ba. Masu gashi a babbar tukunya da yashi ko duwatsu a ƙasa, yaya za su yi? Murfi ne ke riƙe musu zafi, kuma shi ne ke tara gumi.

Malam Mai Gidan Biredi: Hajiya ranki ya daɗe, tukunyar yashi ta fi dacewa da kek, don kek yana son ɗan danshi. Ga wannan aikin matsalarta ita ce gumin da ke taruwa a murfi ya ɗigo a kan kayan. Abin da za a yi: yashin ya yi zafi sosai tukuna, kamar minti 20 a wuta. A tafasa kayan a tsane su bushe kafin su shiga, don a rage aikin. A sa kaɗan, faranti ɗaya shimfiɗa ɗaya. A karkace murfin a bar 'yar kafa kamar kaurin tsinken ashana biyu, kuma a ɗora garwashi a kan murfin. Garwashin sama yana ba da zafi daga sama, yana kuma hana gumi kwanciya, don tururi a kan abu mai sanyi yake komawa ruwa. Duk da haka ba zan ce zai kai na obin ba. In ja ake so sosai, wayar gashi a kan garwashin da ya daina hayaƙi ta fi, a yanka da faɗi kamar yadda masu gasa doya ke yi a bakin titi. A can babu inda tururi zai taru.

Hajiya Babba: Madalla. Garwashi a murfi dama haka iyayenmu ke yi.

Amaryar Bana: Anti, in ina so in haɗa su duka kamar yadda na yi da farko fa? Kuma tire ɗaya ba zai ishe mu ba in da baƙi.

Anti Mai Girkin Biki: Nan ne ake buƙatar tsari, don ba lokaci ɗaya suke nuna ba. A 220, yanka mai kaurin gaɓar yatsa, ɗanyen dankalin Turawa yana cin minti 35 zuwa 45. Karas 25 zuwa 35. Dankalin Hausa wajen 30. Albasa in an tsaga ta gida shida da gindinta don kada ta warwatse, 25 zuwa 30.

Ga kayanki na farko, sai ki raba haka. Tire na ɗaya dankalin Turawa shi kaɗai, ki rage shi zuwa giram 800, ya fara shiga. Bayan minti goma tire na biyu ya bi, dankalin Hausa a gefe guda, karas a ɗaya gefen. Karas kada ki yanka shi zagaye sirara kamar na shinkafa, zai yanƙwane. Ki tsaga shi biyu a tsaye, ki datsa tsawon yatsa, ki kifa gefen da aka tsaga a kan ƙarfe. Albasa ita ce ta fi kowa sakin ruwa, ki jera ta a bakin tire inda zafi ya fi, kada ki barbaza ta a tsakiyar dankali. Rabin kilo da rabin kilo da albasa biyu sun yi wa tire ɗaya yawa, ki rage kowanne zuwa giram 350 da albasa ɗaya.

Tire biyu a obin ɗaya kuwa yana da nasa ciwon. Na sama yana tare wa na ƙasa zafin sama, na ƙasa yana tare wa na sama zafin ƙasa, tururi kuma ya ninka. Ki bar tazarar aƙalla tafin hannu a tsakaninsu, ki musanya musu wuri a lokacin juyi, ki ƙara minti biyar zuwa goma a kan lissafin. In kin ga gilashin ƙofar ya yi gumi, ki buɗe daƙiƙa biyu tururin ya fita ki rufe, fuskarki a gefe. In obin ɗin ƙarami ne irin na kan tebur, ki haƙura ki yi zubi biyu. Na farkon ki bar shi a buɗe a kan tirensa, in na biyu ya fito ki mayar da shi minti biyar. Kada ki juye shi a kula ki rufe, duk ɓawon da kika sha wahala a kansa zai yi laushi a cikin minti goma.

Malam Mai Gidan Biredi: Buɗe ƙofar nan a yi ta sau ɗaya ko biyu kawai. Duk buɗewa zafi na zubewa, ƙaramin obin kuma yana daɗewa kafin ya dawo. Kuma a kukar gas wutar a ƙasa take, gindin tire yana saurin ƙonewa, a sa shi a tsakiya. A na lantarki mai wuta sama da ƙasa, a saukar da shi hawa ɗaya ƙasa da tsakiya, gindin ya fi yin ja.

Maman 'Yan Biyu: Tafarnuwa da yaji fa? Ni tun farko nake cuɗawa don su ratsa.

Anti Mai Girkin Biki: Dakakkiyar tafarnuwa ba ta jure minti 40 a 220, tana baƙi ta yi ɗaci. Yajin ƙuli ma haka, gyaɗar cikinsa tana ƙauri. A kwaɓa su da ɗan mai a zuba saura minti biyar a sauke, ko a barbaɗa yajin bayan an fito. Zuma ko sukari in za a sa wa karas, su ma a ƙarshe. Jajjagen attaruhu da albasa kuwa ruwa ne, in aka cuɗa da shi tun farko an koma turarawa. Gishiri da magi kuma in aka sa aka ajiye kayan rabin awa, za a tarar da ruwa a gindin roba, gishirin ya jawo shi.

Maman 'Yan Biyu: Amma Anti in an zubar da wannan ruwan an goge, ai an rage wa obin aiki, kuma gishirin ya shiga ciki.

Anti Mai Girkin Biki: In za a goge da gaske, maganarki tana kan hanya, musamman ga karas. Damuwata yawanci ba a gogewa, ana juyewa ne har da ruwan.

Malamar Makaranta: Akwai wani abu game da dankalin Hausa da ya saɓa wa dokar a sa a obin mai zafi. Yana da wani sinadari da ke mayar da sitacinsa sukari, kuma yana aiki ne tsakanin digiri 60 zuwa 75, in zafi ya wuce nan ya mutu. Shi ya sa wanda aka binne a toka mai zafi ya nuna a hankali ya fi zaƙi har yana fitar da danƙo. Don haka wasu suna fara shi a 150 na minti 25 zuwa 30, sannan su kai wuta 220 ya yi ja. Ya fi zaƙi, kuma da yake sukarin ya ƙaru jan yana zuwa da sauri, sai an tsaya a kansa.

Anti Mai Girkin Biki: Malama, ga guda sukutum da ɓawonsa na yarda. Ga yankakke ina da ja. A ƙaramar wuta yana sakin ruwa ya yi laushi, in an zo juyi ya dagargaje, musamman mai jan ciki wanda ya fi danshi. Farin namu mai gari ya fi jurewa. Ni dai in shi kaɗai za a gasa, 200 zuwa 210 kai tsaye nake ba da shawara.

Malamar Makaranta: In ba a taɓa shi ba har sai an ƙara wutar ya yi ɓawo, ba ya dagargajewa. Juyin wuri ne ke ɓata shi.

Hajiya Babba: Kowacce ta gwada rabi da rabi ta gani. Ni abin da nake son ji, na ga ana cewa a sa bakin soda a ruwan tafasa dankali. Kanwa ba za ta yi wannan aikin ba?

Malamar Makaranta: Hajiya, a ƙa'ida za ta yi, don dukkansu kishiyar tsami ne. Suna sa bayan dankalin ya yi saurin laushi ya farfashe, kuma jan da na ambata yana sauri a irin wannan yanayin. Awon soda rabin ƙaramin cokali ne a lita biyu ta ruwa. Kanwa ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ungurnu daban, ja daban, don haka a jiƙa 'yar ƙanƙanuwa, a tace, a fara da cokali ɗaya na ruwanta.

Anti Mai Girkin Biki: Ni ina tsoron kanwa a nan. In ta ɗan yi yawa dankalin yana dafewa ya yi duhu tun a ruwa, ga ɗanɗanonta da ba ya ɓuya. Duhun kuma yana ruɗar mai gashi ta ɗauka ya yi, alhali bayansa da laushi. Amarya ta bar wannan sai nan gaba.

Malamar Makaranta: Tunda an zo maganar duhu, ja mai ruwan zuma ake nema a dankalin Turawa, ba baƙi-baƙi ba. In ya yi duhu sosai yana tara wani sinadari da masana lafiyar abinci ke gargaɗi a rage cinsa. Dankalin da ya daɗe a firiji sitacinsa yana komawa sukari, sai ya yi duhu da wuri tun ciki bai nuna ba. In kin ga haka a wuta daidai, ki tuhumi ajiyar.

Amaryar Bana: Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe, zan iya shimfiɗa foyil ko takardar gashi a ƙasan tiren saboda wanki?

Malam Mai Gidan Biredi: Foyil a ƙasa ba ya hana ja, amma ki shafa masa mai don dankali yana manne masa ya yage. Takardar gashi tana hana mannewa, sai dai jan gindin yana ɗan raguwa, kuma yawancinsu iyakarsu 220, ki duba jikin kwalin, kada gefenta ya kusanci harshen wutar gas. Tsuran ƙarfe ya fi duka. In ya kama, ki zuba masa ruwan zafi tun bai huce ba ki bar shi kwata na awa, zai saki.